Imel Ɗin da Ya Ƙi Turanci

Ƙawar Mama 'yar Nijar ce, tela a unguwar Morrisania. Gab da Sallah mai shagon da ke sayar mata da ɗinkunanta ya rufe, kaya suka taru a falonta. Mama kuwa ta san wani Alhaji ɗan Gana mai shagon tufafi a unguwar Stapleton, sai ta ce in rubuta imel na haɗa su.

Na sa adireshin kowa, ina shirin turawa, sai Mama ta riƙe hannuna. "Ke! Ana kai wa mutum baƙo ba sallama?" Ta buga wa kowannensu waya daban, ta faɗi dalili, duk suka amince.

Da Turanci na rubuta, irin na makaranta. Sai na tuna wayar Anti tela, da nakan leƙa idan tana auna ni: komai nata Faransanci ne. Alhaji kuma ba ya jin Faransanci. A hankali na ce, "Mama, Hausa kaɗai suka haɗa."

Ta yi dariya. "Ke da ake miki Hausa kina amsawa da Turanci?"

Na goge, na sake. Na gabatar da Alhaji, na gabatar da Anti, na ce tana neman inda za ta ajiye riguna, shi kuma yana neman kayan Sallah, sauran magana tasu ce.

Washegari Alhaji ya amsa mana duka: ranar Asabar Anti ta kawo kayan. A ƙasa ya ƙara, "Wa ya rubuta wannan Hausa mai daɗi?"

Sau biyu Mama ta sa na karanta mata layin.