Goron da Sailuba ta tura Benin

Sailuba surukata tela ce a nan Kurgu. Ba ta da surutu, dangi na raina ta, ni ma ban bar ta ba.

Da auren jikata Ni'ima ya matso, ruwa ya cinye hanya, aka rasa mai kai goro ga yayana Namadi can cikin ƙasar Benin. Shi ne waliyyi, kuma tunda yake bai taɓa zuwa bikin da ba a kai mashi goro ba.

Sailuba ta ɗauki waya ta rubuta a gurup ɗin dangi, ta karanta mani, ta nuna mani ɗan hoton goron da ta sa:

"Ɗaurin auren Ni'ima da Muhsin 💍 Asabar bayan azahar, masallacin Kurgu 🕌 Ga goronku 🌰🍬"

Na ce, "Ke ɗiyar nan, hoto za ya tauna?"

Ta ce, "Inna, bari dai."

Ranar Juma'a sai ga Namadi, taɓo har gwiwa, ya sha kwalekwale da mashin. Shi ma bai karatu, ɗansa ya nuna mashi wayar.

Ya ce, "Na ga goro da idona, kuma kowa ya ga an ba ni. Da wane baki zan ƙi zuwa?"

Na dubi Sailuba tana ta ɗinkinta. Ikon Allah!