Shekara Biyar Ba Yankewa

Ina ɓarar gyaɗa a bakin ɗakina a Ikara, da hantsi, ƙanena ya yi sallama ya shigo da kekensa har tsakar gida. A lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ni kuma ina goyon fari. Ya durƙusa muka gaisa, na tambayi Baba da mutanen Kudan ɗaya bayan ɗaya, sannan ya zaro wani ɗan littafi mai shuɗin bango daga aljihu.

"Yaya, na samu aikin. Amma akwai cuta a ciki."

Wani kamfanin sayen auduga da gyaɗa ne ya ɗauke shi akawun sikeli a sitonsu na Maƙarfi, aikin dindindin, ba irin na 'yan kaka da ake sallama in kasuwar auduga ta tashi ba. Shi ne na farko a gidanmu da zai karɓi albashi. Fam goma a wata aka ce masa, sai kuma aka ce za a riƙa cire sule goma tun kuɗin bai taɓa hannunsa ba. Ya gama aji bakwai, yana karanta Turanci, amma Turancin wannan littafi na lauyoyi ne. Ni Baba ya bari na yi sakandaren 'yan mata kafin aure, shi ya sa duk takardar da ta gagari dangi wurina take ƙarewa.

Na goge hannu na karanta, na sake karantawa. Sai na jawo faifai biyu.

"Zauna, Akawu. Wannan faifan naka ne." Na jefa ƙwayar gyaɗa ɗaya. "Duk wata za su ciri sule ɗaya a kowace fam ta albashinka su zuba a asusun fansho da sunanka. Wannan guminka ne. Ko gobe ka bar aiki za su mayar maka da shi, har da abin da ya haifa."

"To ɗaya faifan fa?"

Na jefa masa ƙwaya shi ma. "Wannan kuma, kamfani ne zai zuba daga aljihunsa, daidai da naka. Ba a taɓa albashinka ba."

Ya washe baki. "Kyauta ke nan?"

"Kyauta da sharaɗi." Na dafa faifan na biyu. "Za ka ga sunanka a kansa, amma bai zama naka ba sai ka yi shekara biyar kana aiki ba yankewa. Ka tafi kafin nan, ko da saura mako ɗaya ne, ya koma asusu. Ka cika biyar, ya zama mallakarka, ko ka bar su ba mai ƙwace shi. Amma fa ba a hannu za su danƙa maka ba. Za a ajiye har ka kai shekarun hutawa, sannan a riƙa ba ka wata-wata."

Maigidana malamin firamare ne, yana daga zaure yana jinmu. Ya leƙo ya ce su nasu tsarin daban ne, kuma ya ji wani kamfani a Zariya yana mallaka wa ma'aikaci kashi-kashi, kowace shekara a ƙara masa kaɗan.

"Kowane wuri da dokarsa," na ce. "Kai taka ga ta nan, shafi na huɗu. Ka adana littafin nan inda gara ba za ta ci ba."

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai, wato ribar da aka ce ajiyar tana haifa. Na ce masa duk ranar da kuɗin ya zo hannunsa, ya nemi malami ya tambaya kafin ya ci. Ya ce to. Ya kwashi gyaɗar faifai biyun ya watsa a baki.

"Ka ga, har ka cinye fanshonka," in ji maigida.

Shekaru suka yi ta tafiya lafiya. Duk ƙarshen shekara kamfani kan ba shi 'yar takarda mai layi biyu, na sama abin da ya tara, na ƙasa abin da kamfani ya zuba, sai jimla a gindi. Yakan kawo mini in gani, da mazarƙwailar Maƙarfi a ɗaure cikin ganye don yara. Na lura idonsa a kan jimlar yake sauka kullum, amma ban ce komai ba. Ina ganin ya riƙe abin da na faɗa masa.

A shekara ta biyar, ana gab da faɗuwar damina, kurkunu ya fito wa Baba a ƙafa. Bai iya taka ƙasa, balle ya riƙe fartanya. Maza a gidanmu ƙanena ne kaɗai, ga gona biyu, ta bayan gida da ta nesa, ga baki da yawa masu jiran dawa.

Ran wata Lahadi ya zo da takarda a ninke, ya ce in gyara masa Turancinta. Na buɗe. Takardar ajiye aiki ce.

"Na yi lissafi, Yaya," ya ce yana murna. "Jimlar ta haura fam hamsin. In na ajiye aiki su ba ni, in sayi shanun huɗa biyu da garma, in nome gonakin Baba. Manaja ya ce da kaka in dawo, zai sake ɗaukata. Haka 'yan sikeli suke yi kowace shekara."

Tausayinsa ya kama ni, don na san saboda Baba ne.

"Yaushe ka fara aiki?"

Ya faɗa. Na ƙirga da yatsu. Shekara huɗu da wata biyar.

"Akawu, rabin hamsin ɗin nan za su ba ka. Layin sama kaɗai."

"Haba! Da sunana fa a jiki."

"Ka manta faifan da na dafa?"

Can ya ce, "To ai zan dawo. In na dawo sai a ɗora daga inda na tsaya."

Na aiki yarinyata ta ɗauko mini littafin, don tun tuni ya bar shi a akwatina. Shafi na huɗu ya faɗa ƙarara: wanda ya ajiye aiki aka sake ɗaukarsa, sabon ma'aikaci ne, ƙirgarsa daga farko take tashi. 'Yan kaka da yake kwatance da su ba sa cikin asusun ma sam, ba su da abin da za su rasa.

"Fam ashirin da wani abu ba zai sayi shanu da garma ba," na ce. "Ka rasa na kamfani, ka rasa shanun."

"To in bar Baba da yunwa saboda kuɗin da sai na yi furfura zan gani?"

Na ce ya ci abinci tukuna. Yana ci ina juya shafuka, har na kai wani sakin layi a can baya: hutu da izini, ko da ba albashi, ba ya yanke zaman aiki. Watannin da ba a biya ba ne kawai ba a ƙirgawa.

Sauran aiki Baba, don shi ya ce ɗansa ya dawo gida. Na nemi izinin maigida, washegari muka shiga motar kasuwa zuwa Kudan. Muka tarar da shi a ƙarƙashin ɗorawar ƙofar gida, ƙafa a miƙe, an naɗe kan kurkunun a tsinke. Bayan doguwar gaisuwa na fara bayani da fam da sule, na ga bai tare da ni. Sai wata akuya ta gitta.

"Baba, ka tuna akuyar da marigayiya Inna ta ba Gwaggo kiwo?"

"Ja mai farin goshi."

"Mene ne sharaɗin?"

"Haihuwa biyu tamu, ta uku ta mai kiwo."

"Da Gwaggo ta gaji ta maido ta tana da cikin na uku fa?"

"Ta yi wahalar banza mana." Ya tsaya. Ya dubi ƙanena. "Kai, cikin na ukun ne yanzu?"

"Saura wata bakwai, Baba."

"Shi ne za ka saki igiya? Wa ya koya maka lissafi, har kake auna wa mutane auduga?"

Muka yi dariya har Baba ya motsa ƙafar ya yi salati. Ƙanena ya ce, "Ai kai ka ce in dawo."

"Na ce ka dawo, ban ce ka yi asara ba. Ni ban san da akuya a ciki ba."

A nan kan tabarma na rubuta sabuwar takarda, ta neman hutu saboda rashin lafiyar mahaifi. Na sa a ciki cewa a ba shi amsa a rubuce, don magana ta baki manaja na iya tashi da ita in aka yi masa canji. Wata uku muka roƙa. Amsa ta zo da mako biyu na hutun shekara da wata ɗaya ba albashi, ba ƙari. An kuma rubuta cewa ranar cikarsa biyar ta matsa gaba da wata guda.

Mako shida bai isa gona biyu ba. Ta nesa Baba ya ba wani maƙwabci aro na shekara. Ta bayan gida ƙanena ya yi shuka da noman fari, maimai kuma aka kira gayya. Na dawo Kudan don ita, muka dama kunun tsamiya tulu uku ni da matan gida, muka tuƙa tuwo tun safe har hannuna ya yi kanta. Samarin unguwa suka yi ta yi masa tsiya, wai hannun alƙalami ya yi bororo tun kunya ta biyu. Dawar shekarar ba ta kai mu sabuwar kaka ba, sai da ya riƙa auno mana daga albashinsa, ni ma na sayar da tunkiyata. Ba wanda ya kwana da yunwa, alhamdu lillahi. Baba ya miƙe kafin girbi.

Da rani ya yi, ina shanya kuɓewa, na ji ƙararrawar keke a zaure. Ya shigo da mazarƙwaila har biyu da wata takarda mai hatimi. An rubuta cewa ya cika shekara biyar, kason kamfani ya zama nasa, yana ajiye da sunansa har ranar hutawarsa.

"Karanta da ƙarfi, Yaya. Ni na karanta sau goma."

Na karanta, na fassara wa yara ko da ba su gane ba. Na tambaye shi ko Baba ya gani.

"Jiya na kai masa. Ya juya ta sama da ƙasa, ya ce akuyar ke nan? Ko kuka ba ta yi?"

Na ɗaga ta zan mayar masa, ya ce a'a, in haɗa da littafin. Na buɗe akwati na sa ta a shafi na huɗu, na zuba ganyen darbejiya saboda gara, sannan na fito na fasa mazarƙwailar na raba wa yara.