Zuwa Kongolam da Ɗan Farina a Bayan Babur

Sandamu, Lahadi da asuba

Muna idar da sallar asuba na turo babur waje, na ɗaure jakar kayan Sagir a baya. Sagir shi ne ɗana na fari, shekararsa goma sha shida, kuma tun da aka dawo hutu ya daina shiga aji. Zai sa kayan makaranta ya fita, sai a gan shi a gindin dalbejiya yana kallon masu gyaran babur. Na yi faɗa, na yi lallashi, na tara masa kawunnansa. Duk abin da muka tatsa daga bakinsa bai wuce "ba komai" ba. Da na gaji sai na yanke shawarar kai shi Kongolam wajen ƙanena Lawal mai shagon kayan masarufi. In na baro shi can, boko ta ƙare ke nan, abin da kuma ya hana ni barci ke nan.

Uwarsa ta rako mu zaure, ta roƙe ni in ji ta bakinsa kafin mu isa. Na ce ta kwantar da hankalinta. Ni da na tsufa a ofishin gona na ƙaramar hukuma ina sasanta manomi da makiyayi, ai yaro ɗaya ba zai gagare ni ba.

Sai dai a gidanmu ana kunyar ɗan fari. Ban taɓa kiran sunansa ba, "kai" nake ce masa. In zai gaishe ni daga can bakin rijiya yake tsugunawa, ni ina kan tabarma a ƙofar ɗaki. Mu muka koya masa cewa ɗa na gari ba ya wuce "na'am" da "to" a gaban manya. Yaro ya haddace karatunsa tsaf, mu kuma muka koma muna mamakin inda ya samo wannan hali.

Daura

Rana ba ta gama fitowa ba muka shiga Daura. Na tsaya wajen mai shayi kusa da tasha, na sa aka haɗa mana shayi da burodi da ƙwai, wanda kuɗinsa a da zai ciyar da gida guda. Na zaunar da shi a bencin da ke fuskantata, na zuba masa ido, na fara aiki. Ko wani ya dake shi? A'a. Ko malami ne ya zage shi? A'a. Ko ya fara shaye-shaye ne? Nan ma a'a, sai dai wannan ta fito da ƙarfi. To mene ne? Ba komai. Mai shayi ya tambaye ni a hankali ko ni ɗan sanda ne.

Za mu tashi sarkar babur ta zame. Muka tura shi shagon wani Emeka mai sayar da kayan gyara, mutumin da ya daɗe a Daura har Hausarsa ta fi ta wasu. Emeka ya tsuguna yana ƙorafin bai ga dalilin zamewar ba. Sai ga Sagir ya tsuguna kusa da shi, ya ce ba sarkar ba ce, haƙoran da take hawa ne suka cinye, in aka sa sabuwa a kansu ba za ta yi wata biyu ba. Ya ƙara da bayanin wadda ta fi ƙarko. Ban san muryarsa ta buɗe haka ba. Na tsaya riƙe da hulata, kishi kamar ya kashe ni, ina lura da su. Emeka bai kalle shi ba ko sau ɗaya, bai kuma tambaye shi komai ba. Dukansu sarka suke kallo, hannuwansu baƙi ƙirin.

Hanyar Mai'aduwa

Ranar kasuwa ce, hanya cike da motocin shanu da masu babur da tumaki a cinya. A shingen kwastan suka taɓa jakar, suka tambayi me ke ciki. Sagir ya ce, "Kaya." Jami'in ya jira ƙarin bayani, bai samu ba, ya ɗaga mana hannu. Na ji sanyi, ashe ba ni kaɗai ba ne.

Bayan shingen na gwada dabarar Emeka. Ban juyo ba, na ce wa iska ban gane abin da ke sa babur ɗin nan tari da safe ba. Can sai na ji murya a bayan kunnena: fulogi ne, kuma man bakin hanya da nake saye akwai datti. Daga nan ya zarce. Ya ba ni labarin wani babur da aka kwance gaba ɗaya aka mayar, har ya yi dariya.

Daɗi ya kwashe ni. Na ce, "Ka gani ko? Da wannan kan naka ka sa a karatu, da yanzu wa zai kamo ka? Mu a zamaninmu..."

Har muka wuce Mai'aduwa ina zamaninmu. Da na numfasa na ce ko ya ji, ya ce, "To." Bakin da na sha wuya ya buɗu, da hannuna na mayar masa da sakata.

Kongolam

Mun isa kafin azahar. Lawal ya tarbe mu da fura mai sanyi, matarsa ta aiko da dambu da zogale. Ya jarraba yaron da tambayoyi, ya samu "e" da "a'a" nasa, ya ce shi kam haka yake so, yaron shago mai surutu asara ne. Ya nuna wani kwali a saman kanta ya ce a sauko da shi. Sagir ya je ya tsaya yana ƙanƙance ido, ya sauko da wani daban. Na ce a raina ga shashanci ya fara. Aka tsayar da magana: gobe da safe zan koma ni kaɗai.

Bayan la'asar Lawal ya ce mu je mu gaida gwaggonmu a wani ƙauye gabas da gari, hanyar yashi ce tsakanin gonakin gero. Da muka fita gari na tsaya, na sauka, na miƙa wa Sagir makulli. Ban yi don dabara ba. Na ga dai gobe zan rabu da shi, ban kuma taɓa ba shi abin da yake so ba. Ya kalli makullin, ya kalli ƙasa, ya karɓa da hannu biyu.

Ya iya tuƙi, ban san inda ya koya ba, ban kuma tambaya ba. Mun ɗan yi nisa sai ya rage gudu.

"Baba, in ka hango rami ko dabba ka riƙa gaya mini. Ba na gani sai abu ya matso."

Tambayoyi suka cika mini baki: tun yaushe, me ya sa bai faɗa ba, wa ya sani. Na tuna Mai'aduwa, na haɗiye su. Abin da na ce kawai shi ne, "Akuya."

Ya kauce mata. Sai ya ci gaba da kansa, guntu-guntu, yana yi yana tsayawa kamar mai taka ƙasa bayan ruwa. A da a gaba yake zama, kuma yana kwafa daga littafin abokinsa Nura. Bana aka raba su aji, sabon malami ya jera su bisa tsawo, shi ya faɗa layin ƙarshe. Daga can allo fari-fari kawai yake gani.

"Rami," na ce.

Malam ya tashe shi ya karanta abin da ke allo, ya tsaya shiru. Aka sake washegari, aka sake jibi. Ajin suka sa masa suna Gunki. Ya ce da farko ya ɗauka kowa haka yake gani. Da ya gane, sai ya ji tsoron a ce makancewa zai yi.

Ga ni dai a bayan yaron da ba ya ganin gabansa, raina a hannunsa, kuma ba ni da halin cewa ya tsaya, don kada bakin ya tsaya tare da babur. Haka muka isa gidan gwaggo, shi yana zuba, ni ina "jaki", "kwana", "yashi". Tausayinsa ya kama ni har na rasa inda zan sa kaina. Da ya kashe babur ban ce komai a kan zancen ba, sai na ce ya iya shan kwana. Ya ce, "Uhm."

Litinin, Daura zuwa gida

Da safe na sake ɗaure jakar inda na kwance ta. Lawal ya yi mita, wai ya yi asarar yaro mai kama baki. Ni na tuƙa wannan karon, don imanina bai kai na jiya ba.

A sashen ido na asibiti a Daura mun bi layi har hantsi ya dubi ludayi. Likita ya zaunar da shi, ya nuna masa haruffa a bango, na saman kawai ya iya karantawa. Ya ɗora masa wani gilashin gwaji mai nauyi, yana canza kwalaben ɗaya bayan ɗaya, har Sagir ya sauko layin ƙasa. Ni ina can benci a bakin ƙofa ina kallo. Likita ya ce ba makanta ba ce, rashin hangen nesa ne, yara da yawa na da shi, mu dawo Alhamis mu karɓi tabarau. Ya rubuta takardar da za a kai makaranta a dawo da shi gaban aji. A hanya na tambaye shi ko zai koma makaranta, ya ce "e", ban nemi ƙari ba.

Mun iso Sandamu ana kiran azahar. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu tare, na gode wa Lawal da iyalinsa, da Emeka wanda bai san ya yi mini komai ba.

A ƙofar gida na tsuguna ina duba sarka, shi yana kwance igiyar jaka, ya ba ni baya.

"Baba, ɗazu da likita ya sa mini gilashin nan, na hango ka a benci."

Na ci gaba da duba sarka.

"Ashe in ka kalle ni daga nesa ba hararata kake yi ba."

Ya saɓa jakarsa ya shige gida. Na daɗe a tsugune ina taɓa sarkar da ba abin da ya same ta.