Makin da Sista Ishbel Ta Roƙa

Duk nas ɗin da ta koyi aiki a sashen masu raunin kai na asibitinmu a Glasgow, a zamaninmu, ta hannun Sista Ishbel Rennie ta bi, kuma babu wadda ba ta sha kuka a banɗaki ba. Gajeruwa ce, 'yar wani mai walda a wurin ƙera jiragen ruwa na Govan, ta kuma gaji muryarsa kaf. Ba ta haihu ba. Mijinta Fergus direban bas ne, mutum mai sanyi, in an tambaye shi lafiyarsa ma sai ya dubi matarsa tukuna.

Abu ɗaya ta ɗauka kamar addini, wato makin da muke ba wanda ya bugu a ka, don a san ko hankalinsa na dawowa ne ko tafiya yake yi. Ido maki huɗu ne in mutum ya buɗe da kansa, uku in sai an kira shi, biyu in sai an matse masa kan yatsa, ɗaya in ko gezau. Magana biyar ce, amma sai ya san sunansa, da inda yake, da watan da ake ciki. In zance na fita sumul amma ya kasa ko ɗaya daga ciki, huɗu ce. Motsi shida ne ga mai yin abin da aka ce ya yi. Lafiyayye sha biyar ke nan.

Ina ɗaliba na taɓa ce mata wani tsoho ya kusa sha biyar.

"Kusa?" in ji ta. "Rhona, a wace makaranta aka koya miki kusa? Abin da kika gani za ki rubuta, ba abin da kike fata ba. Dangi za su roƙe ki, za su yi miki kuka. Ki bar su su yi."

Bayan ta yi ritaya ma ba ta bar mu mun huta ba. Duk shekara sai ta ɗauko jakarta ta zo ta yi wa sababbin ɗalibai wannan huɗubar, mu manya muna baya muna haɗiye dariya.

Wata ranar Laraba a watan Maris, ni kuma lokacin na zama shugabar sashen, sai aka turo mana ita a kan gado. Ta hau kujera ne za ta sauke labule, ta faɗo da ƙeya. Hoton kai ya nuna ɗan jini kaɗan, ga shi tana shan maganin tsinka jini, shi ya sa aka ce a sa mata ido. Da hantsi makinta sha biyar cif, har tana faɗa wai ba a ja zanen gadon daidai ba. Yaran sashen suka bi suka tsure, kowa na tura ɗan'uwansa, sai na ɗauki aikin da kaina.

Wajen azahar na koma. Idonta biyu. Na ce ta kama hannuna ta saki, ta yi. Sunanta kuwa har da harara ta faɗe shi.

"Wane wata muke ciki, Sista?"

Idonta ya zame ta bayan kafaɗata, can ta ce, "Maris."

Na waiwaya, na kama Fergus a bayana bai gama rufe bakin da ya raɗa mata amsar ba. Tsoho mai furfura, ya yi tsuru-tsuru kamar yaron da aka kama da hannu a gwangwanin biskit.

"Mista Rennie, shayin ƙasan bene ya fi na nan daɗi. Je ka sha."

"Haba Rhona, gajiya ce kawai. Ni ma sai na duba jarida nake sanin wata."

"Kai ba ka faɗo daga kujera ba. Je ka."

Da ya fita na ja labule, na ɗan ɗauke mata hankali da gyaran filo, sannan na sake tambaya. Ta ce Oktoba. Na ce ina muke? Ta ce a gidan yayarta da ke Paisley, yayar da mu da kanmu muka je jana'izarta. Ni kunya ta kama, wallahi, kamar na buɗe mata ƙofar wanka. Na sunkuyar da kai na ciro biro.

Biron ta gani. Sanin wata da na wuri sun ɓace mata, amma hannun nas a kan takarda bai ɓace ba. Ta cafke min wuyan hannu.

"Me za ki sa?"

"Ido huɗu, motsi shida."

"Maganar fa?"

"Huɗu, Sista."

"Sa biyar." Muryar Govan ɗin nan ta koma 'yar siririya. "Yaran nan za su karanta. Za su ce tsohuwa ta gigice. Rhona, 'yata, sau ɗaya dai. Ba wanda zai sani."

Tunda nake da ita ba ta taɓa ce min 'yata ba, sai ranar. Hawaye na bin gefen kunnenta, ni kuma na kasa duban fuskarta. Na zare hannuna a hankali na rubuta huɗu. Na kira wata nas ta sake gwadawa, domin ƙa'ida ce, ita ma huɗun ta samu. Na buga wa likita ban jira komai ba. Kafin a zo a tura ta ɗakin hoto, ido ya koma uku, sai na kira sunanta da ƙarfi take buɗewa. Jinin ya ƙaru, yana danne ƙwaƙwalwa. Kafin yamma an shiga da ita tiyata.

Ta tashi, gashi ya tsiro ya rufe ɗinkin. Da bazara na hau benensu na kai mata gaisuwa. Fergus ya ajiye mana shayi da biskit ya sulale kicin, don har yanzu ba ya iya haɗa ido da ni.

"Ya faɗa min abin da ya yi, sakarai," in ji ta. "Ranar duk ta goge min. Ni fa, na ce miki wani abu?"

"Ba ki ce komai ba, Sista."

"Kunnuwanki sun yi ja. Tun kina ɗaliba haka suke in za ki yi ƙarya. Abin da kika gani, Rhona."

Sai na faɗa mata, ban rage ko kalma ba. Na shiga kame-kame, ina cewa ciwo ne ya yi magana ba ita ba, kuma ai huɗun nan ita ta koya min, kuma huɗun ce ta cece ta.

"Na sani," ta ce. "Abin kunyar ke nan. Roƙonki na yi ki bar ni in mutu, don kada yara su yi min dariya."

Da lokacin sababbin ɗalibai ya zo na buga mata waya kamar kullum. Fergus ne ya ɗauka. Ina jin ta daga nesa tana ce masa, "Ce mata ita ta yi musu. Ni da wane baki?"

Ni nake yin huɗubar yanzu. In na zo wajen da ake cewa dangi za su roƙe ki, nan nake tsayawa, ba na ƙara komai a kai.