Tozon Yaya a Kiret ɗin Tumatir

Shekarar da kuɗin mai ya ninka, damina kuma ta yi gardama, geronmu bai kai ko'ina ba. Tumatir da albasar da muka noma da rani su kaɗai suka rage su ciyar da gida. A da, a kwando muke kai tumatir, a ɗora wani kan wani, kafin mu isa Kano na ƙasa ya zama miya.

Sai ƙungiyarmu ta manoma ta karɓo hayar kiret na roba mai huji-huji. Direban motar da za ta kai mana kayan ya ce, "Kada ku cika ya wuce baki, don na sama a kan bakin na ƙasa yake zama."

Yayana ya ce, "Ni in kai kaya ba tozo? Dillali ya ce na yi rowa?" Kafin mu ankara ya tula wa guda biyu tozo irin na kwando.

Muka yi lodi da sanyin safiya, albasar da muka shanya a inuwa tana gefe cikin buhun raga. Da aka sauke a kasuwa, na dinga ɗaga kiret ina leƙa gindinsa ina ƙyalƙyala dariya. Tumatir garau, har na can ƙasa! Na rungume direba, hulata ta faɗi cikin turmutsutsu, ban ko waiwaya ba.

Na ce, "Yaya, ga tozonka can yana ɗiga!"

"Kai, rufe min baki," in ji shi, shi ma yana dariya.

Asararmu a ranar ita ce saman kiret biyu, albasa shida da suka ruɓe, da hula ɗaya.