Shirun da ke Cikin Waƙar Iya

A kasuwar Tungan Maje, tsakanin buhunan gero, wata mata tana durƙushe gaban tsohuwa mai sayar da hatsi, katin ma'aikata rataye a wuyanta. Bilqis ta ce sunanta. Wanda ya ga gefen gyalenta a ƙasa ya san ba ciniki ya kawo ta ba.

Bilqis ta kunna waya. Muryar kakarta, Iya, tana fitowa da rawa: baiti ɗaya na waƙar reno, shiru, sannan wani baitin. Bilqis tana ganin tsufa ne ya cinye tsakiyar, kuma tana son ta mayar wa Iya da cikon tun tana gane mutane. Ba ta yi gaggawa ba. Ta lura Iya "ɗiyata" da "tahi" take cewa, shi ya sa take bin tsofaffin da suka fito daga wajen Katsina.

Tsohuwar tana saurare, tana buga mudu da tafin hannu.

"'Yar nan, wannan ai waƙar daka ce, ta ƙauyukanmu. Saurari faɗuwar taɓarya. Da goyo a baya ake yin ta, shi ya sa ta koma ta reno."

"To, Baba, abin da ta manta fa?"

"Wa ya ce ta manta? Wurin amshi ne. Jira take a karɓa mata."

Bilqis ta ajiye biro, ta gyara zama.

"Koya mini amshin, Baba. Gobe zan je wurinta."