Inci Biyun Anti Gobe

Shekara ashirin da biyu ke nan tana ɗinki a shago ɗaya, mai keke biyu da tsagaggen madubi. Anti Gobe ake ce mata, don duk wanda ya zo karɓar kaya, gobe take ce masa. A kan shagon nan autarta ta rubuta tsarin tallata sana'a, aikin kwas ɗinta na ƙarshe.

Malamar kwas ta dawo da shi jawur da biro. Taƙaitawa ta yi kyau, nazarin ƙarfi da rauni da dama da barazana ya yi, haka bayanin abokan gasa. Amma a sashen masu saye, Auta "kowa da kowa" ta rubuta. Malama ta sa a gefe: "Su wa? Kawo hujja. Idan ba ki san su ba, kaya da farashi da wuri da talla duk a iska suke." Ta ba ta zuwa ƙarfe huɗu washegari, in ba haka ba ta maimaita shekara.

Tun safe Auta take kai da komo tsakanin ƙofa da teburin yanka.

"Mama, su wa kike wa ɗinki?"

"Masu jiki."

"Mama, don Allah!"

"To matso mini daga haske, mai digiri, ko ki riƙe mini wannan."

Rigar wata ce take farke wa gefe. Auta ta riƙe, sai ta ga yadi ninke a ciki, inci biyu kowane ɓangare.

"Wannan asarar fa?"

"Asarar gidanku! Mace kullum jikinta ɗaya ne? In ciki ya fito a buɗa, in ta yaye a mayar. Kyauta nake yi."

Auta ta fizgo littattafan awo daga ƙarƙashin tebur. Kusan kowane shafi, ƙugu an soke an sake rubutawa, wani har sau uku. Cikin mata sittin na bana, arba'in da ɗaya masu ciki ne ko masu goyo.

A tsugune ta gyara komai. Kaya: rigar da ake buɗawa. Farashi: gyara na cikinsa. Talla: kati a ƙofar asibitin awo. Manufa: sabbin mata goma a wata uku, littafin awo ne zai nuna. Kasafi da jadawali suka bi baya. Saura minti bakwai ta miƙa, takalminta ɗaya a tsinke.

Ta ci. 

Da Mama ta sa aka karanta mata aikin, a sashen rauni ta tsayar da keke.

"Saɓa alkawari? Ni? Goge shi yanzu!"

Auta ta ɗauki jakarta. "Gobe, Mama."